Tuntuɓen "he" da "she" a Kilomita Biyar: laifin wane harshe ne?

Duk malamin da ya duba rubutun Ingilishi na yaran unguwar Kilomita Biyar a Bangi ya san wannan tuntuɓe: ɗalibi ya fara labarin Amina da "she", kafin ya kai layi na uku ta koma "he". Galibi akan ja masa jan biro, a sake karanta masa ƙa'ida. A ganina wannan magani bai dace da cutar ba, domin ƙa'idar ya san ta sarai.

Tushen matsalar yana cikin Sango, harshen kasuwa da titi a Bangi. Wakilin suna guda ne a cikinsa, wato "lo". Idan aka ce "lo ga", ana iya nufin ya zo, ana iya nufin ta zo. Wanda ya tashi da wannan harshe bai saba tambayar kansa jinsin mutum a tsakiyar jimla ba. Shi ya sa kuskurensa ke karkata ta kowane ɓangare, kuma ya fi yawa idan sunan ya yi nisa da wakilinsa.

Akwai kuma kuskure na biyu mai kama da wannan, amma asalinsa Faransancin makaranta ne. A can "sa mère" na bin jinsin uwar, ba na mai uwar ba. Saboda haka ɗalibi kan rubuta "Musa loves her mother" alhali uwar Musa yake nufi. Alamarsa ita ce a mallaka kaɗai yake fitowa, kuma kullum jinsin abin da aka mallaka yake bi.

Kada a ɗauki lamarin da wasa. A ce ɗan kasuwa ya rubuta wa abokin cinikinsa na Kano: "Amina gave Musa the cloth and she has not paid." Musa ne ya karɓi atamfa bai biya ba, amma harafi guda ya ɗora wa Amina bashin.

A nan ne Hausa take da rana. Kalmar "uwarsa" tana ɗauke da jinsi biyu: "-r" na uwar, "-sa" na mai uwar. Ingilishi na biyun kaɗai yake so. Don haka shawarata ga malami ita ce ya sa ɗalibin da ke jin Hausa ya ja layi ƙarƙashin kowane wakilin suna bayan ya gama rubutu, ya mayar da jimlar Hausa a ransa: "bai biya ba" ne ko "ba ta biya ba"? Hausa ba za ta bar shi ya wuce bai zaɓa ba.

Sai dai a yi hattara da tarko guda: "shi" namu na namiji ne, "she" nasu kuwa na mace, ga su kusan ɗaya a kunne. Ya kamata a faɗa wa ɗalibi wannan tun ranar farko.