A Tsaya Wa Aboki, Amma Ban Da Taron Dangi

Jama'a, a ɗauka ga majalisar mai shayi a Garki, cikin Abuja, bayan sallar isha. Mutum goma suna zaune. A cikinsu akwai wani ma'aikacin gwamnati da kuɗin haya ya kore shi daga cikin gari zuwa Mararaba, har ya sayar da motarsa. Sai wani ya tsokane shi, ya ce ranka ya daɗe yau ma a ƙafa aka zo? Aka yi dariya, shi ma ya yi. Wani ya ƙara, ya ce ai da ma motar ta bashi ce. Na uku kuwa sai ya sako zancen matarsa da ta tafi gida. A nan mutumin ya daina dariya, ya sunkuyar da kai yana juya kofi. Amininsa yana gefe. To, me zai yi?

Abu na farko shi ne ya tabbatar wasa ya ƙare. Hausawa mutane ne masu barkwanci, ga na Kanawa da Zagezagi, ga na Fulani da Barebari, ga na taubasai. Wanda ya tashi da fushi a kan irin wannan, shi zai zama abin dariya, ya kuma ja wa abokinsa raini. Amma alamun ba su ɓuya. A wasa ana ba juna, kowa ya jefa a rama. In jifa ta koma gefe guda, wanda ake yi da shi ya yi shiru, aka kuma bar abin da ya yi aka koma kan abin da ba shi da iko a kai, watau talaucinsa, ko halittarsa, ko iyalinsa, to an shiga izgili.

Daga nan sai magana, kuma da wuri. Wani bincike da aka yi a makarantun firamare na Toronto, ƙasar Kanada, wanda aka buga a 2001, ya nuna cewa in wani yaro ya sa baki sa'ad da ake cin zalin ɗan'uwansa, fiye da rabin lokuta abin yakan tsaya cikin daƙiƙa 10. Yara ne, gaskiya, amma dalilin bai bar manya ba: mai izgili dariyar jama'a yake nema, muddin mutum ɗaya ya ƙi yi masa, kasuwarsa ta fara watsewa. Saboda haka aminin nan ba ya bukatar dogon jawabi. Ya isa ya dubi mai maganar ya ce, "Haba Malam, a bar zancen iyali. Wannan ba na majalisa ba ne." Sa'an nan ya kawo wata hira.

A lura da abin da bai yi ba. Bai ce "kai ma ai mun san naka" ba. Maganar ya tsayar, bai taɓa mutuncin mai ita ba, ya bar masa ƙofar da zai fita ya ce wasa yake yi. Mutumin da aka bar wa ƙofa yakan fita. Wanda aka ƙure a gaban jama'a kuwa dole ya juyo, kuma shi ma yana da nasa abokan.

Wurin da aka fi yin ɓarna shi ne bayan an ci nasara. Da zarar mutum ɗaya ya yi ƙarfin hali, sai waɗanda suka yi shiru ɗazu, har da waɗanda suka fi kowa ƙyaƙyatawa, su taso wa mai izgilin. Wannan ya ce da ma halinsa ne, wancan ya tono bashin da ake bin sa. Kafin a ankara an sake kafa majalisar ɗazu, mutum ɗaya kawai aka sauya a tsakiya. Aikin amini a nan ya fi na farko wuya, domin nasa mutanen zai tsawata wa: "Ya isa, an faɗa masa, ya ji." Wasu masana biyu na Jami'ar Stanford a Amirka, Takuya Sawaoka da Benoit Monin, sun nuna a 2018 cewa in mutum ɗaya ya tsawata wa mai mugun furuci, masu kallo sukan ga ya kyauta, amma in masu tsawatawar suka yi yawa, sai tausayi ya fara komawa kan mai laifin, a riƙa yi musu kallon masu cin zali. Watau na goman da ya sa baki bai ƙara wa abokin komai ba, rage masa ya yi.

Masu bin labarin finafinan Hausa ba su manta da 2019 ba. A shekarar ne Adam A. Zango ya fito ya yi ƙorafin cewa yaran Ali Nuhu suna zagin mahaifiyarsa, maigidansu kuwa bai hana ba. Magoya baya suka rabu biyu, kowane ɓangare yana ganin kare gwaninsa yake yi. Magana ta kai Ali Nuhu ya shigar da ƙara a kotu a Fagge, cikin Kano, kafin manya su shiga tsakani a sasanta. Ko wa ke da gaskiya, abin dubawa shi ne ƙorafin kansa: ba a kan abin da mutum ya faɗa da bakinsa aka fara ba, a kan abin da aka ce masoyansa sun faɗa ne. Duk wanda ya tara wa abokinsa mayaƙa, ya sani zagin da za su yi a littafin abokin za a rubuta.

Shi ya sa ya kamata a tambayi mai abin. Sau da yawa wanda aka yi wa izgili ba abin da yake so illa zancen ya mutu. Ma'aikacin nan na Mararaba zai fi son a manta da batun matarsa a daren, maimakon a kwana uku ana muhawara a kansa da sunan kare shi, har waɗanda ba su nan su ji. Abuja ta ga misalin wannan a 2022. Wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse ya rubuta maganar ba'a a kan uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, Aisha Buhari, watanni suka wuce ba kowa ya sani ba. Da aka kama shi a watan Nuwamba, aka gurfanar da shi a Babbar Kotun Abuja, aka tsare shi a gidan yarin Suleja, sai maganar ta game ƙasa, har aka janye ƙarar a farkon Disamba. Can ƙarfin hukuma ne, nan yawan baki, amma sakamakon ɗaya ne.

Akwai iyaka, ba shakka. In izgili ya koma ƙazafi, ko barazana, ko aka maimaita shi kullum bayan an yi magana, baki ɗaya ba zai isa ba. Sai dai ko a nan ba gayya ake yi ba. A majalisa akwai dattijon da ake jin kunyarsa, a kasuwa akwai shugabannin 'yan kasuwa, a ofis akwai na gaba. In ta kai ga hukuma, dokar Final Kod da ake aiki da ita a Abuja ta tanadi laifin ɓata suna a sashe na 391, hukuncinsa kuma a sashe na 392, ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko tara, ko duka biyun. Dokar ba ta tambayar wa ya fara. Aminin da ya rama da ƙazafi don kare abokinsa, sashen da zai kama mai izgili shi zai kama shi.