Giya Da Mai Juna Biyu: Ɓarnar Da Kan Riga Labarin Ciki

Mai karatu, a wannan mako za mu ɗauko wata magana da ba a cika yin ta a ɗakin awon ciki ba, watau abin da barasa ke yi wa ɗan tayi. Wani zai ce ai wannan maganar mashaya ce. To, a garuruwa irin su Ikko da Badun, mata da yawa da ba su taɓa kusantar gidan giya ba suna shan jiƙon saiwoyi da ake sayarwa a tashar mota don ciwon baya ko zazzaɓi, alhali sau da yawa da ogogoro aka jiƙa shi. Akwai kuma masu cewa baƙar giyar kwalba tana ƙara wa mai ciki jini. Wannan zance ba shi da tushe. Barasar da ke cikin burukutu da fito da bammi da giyar kwalba duk abu ɗaya ne, kuma jikin tayi ba ya bambanta su.

Bari mu fara da hanyar da take bi. Mabiyiya tana tace wasu abubuwa kafin su kai ga tayi, amma barasa takan ratsa ta ba tare da wani shamaki ba. Cikin awa ɗaya zuwa biyu da sha, yawan barasar da ke jinin tayi yakan yi kusan daidai da na jinin uwa. Hantar uwa tana iya sarrafa ta, ta tayi kuwa ba ta nuna ba tukuna. Bayan haka, in ciki ya yi nisa, tayi yakan fitsarar da ita cikin ruwan da yake kwance a ciki, sa'an nan ya sake haɗiye ruwan, don haka takan daɗe tana kewayawa a jikinsa.

Ga ɗan lissafi. Babbar kwalbar giya mai santilita 60, wadda ƙarfinta kashi 5 cikin 100 ne, tana ɗauke da wajen giram 24 na tsantsar barasa. Hantar babban mutum kuwa abin da take iya kawarwa a awa ɗaya bai wuce wajen giram 7 ba. Ke nan macen da ta sha kwalba biyu a wurin biki, tayinta zai yi wajen awa bakwai cikin barasa. Shan da yawa a zama ɗaya shi ne mafi muni, domin yadda barasa ta yi tashin gwauron zabo a jini, haka ɓarnar take.

Amma abin da ya fi damuna shi ne lokaci. A ɗauka wata mata ta ga al'adarta ran 1 ga wata, kuma kwana 28 take yi. Wajen ran 14 ciki ya shiga. Ran 29 ya kamata al'ada ta dawo, ba ta dawo ba, sai ta ce ƙila jinkiri ne, bari ta ƙara mako guda ta gani. To, wannan makon da take jira shi ne mako na uku da shigar ciki, kuma a cikinsa ne ake aza harsashin ƙwaƙwalwa da tsakiyar fuska. Kafin a shiga mako na huɗu sosai zuciya ta fara bugawa. Tayin bai kai girman ƙwayar shinkafa ba, uwarsa ba ta ma san da shi ba. Idan kuma tashin zuciya ya fara damunta ta nemi jiƙo don ta ji dama, ga yadda ɓarna ke shiga ta ƙofar magani. Saboda haka ne likitoci ke cewa macen da take neman haihuwa ta bar barasa tun kafin ciki ya shiga, kada ta jira sai an tabbatar mata.

Wannan sani bai daɗe ainun ba. A shekarar 1968 wani likitan yara a birnin Nantes na ƙasar Faransa, Paul Lemoine, ya bayyana abin da ya gani a jikin yara 127 da mashaya suka haifa, amma duniya ba ta kula ba. Sai a 1973, da Kenneth Jones da David Smith na Jami'ar Washington a Seattle suka ga irin waɗannan alamu suka sa wa ciwon suna, kana aka farga. A 1981 babban likitan gwamnatin Amirka ya shawarci masu ciki su guje wa giya. A lardin Western Cape na Afirka ta Kudu, inda aka shekara aru-aru ana biyan leburorin gonakin inabi wani ɓangare na ladansu da giya, an sami yawan masu wannan ciwo da ke cikin mafi yawa a duniya.

Alamun da ake dubawa a fuska uku ne: buɗewar ido gajera, leɓen sama siriri, sa'an nan ɗan kwarin nan da ke tsakanin hanci da leɓe ya shafe ya zama sumul. Sau da yawa akan haifi yaron da ƙarancin nauyi da ƙaramin kai. Sai dai kada mai karatu ya tashi yana duban fuskokin 'ya'yan maƙwabta, domin wannan aikin likita ne mai awo, kuma kowace zuriya da irin kamanninta.

Abin lura shi ne, mafi yawan yaran da barasa ta taɓa ba su da wata alama a fuska. Fuska tana da ɗan gajeren lokacin da ake gina ta, ƙwaƙwalwa kuwa tana girma har ranar haihuwa. Irin wannan yaro yakan tashi lafiya lau a ido, bakinsa ma da zaƙi, sai an sa shi makaranta matsala ta bayyana. A koya masa abu yau, gobe kamar bai taɓa ji ba. A aike shi ya sayo abu uku, ya komo da ɗaya. Lissafi da ƙirgan canji da sanin lokaci sukan gagare shi. A yi masa horo kan laifi, da yamma ya maimaita, domin sashen ƙwaƙwalwar da ke haɗa aiki da sakamakonsa ya sami rauni. Malami ya ce taurin kai ne, uba ya ce iskanci ne, a yi ta bulala. Bulala ba ta gyara wannan. In ya girma kuwa, shi ne wanda abokai kan yaudara cikin sauƙi.

Raunin ba ya warkewa, amma rayuwar yaron tana gyaruwa ƙwarai in an gane da wuri. A riƙa ba shi umurni ɗaya a lokaci ɗaya, a tsare masa lokacin barci da na abinci, a maimaita masa darasi ba tare da tsawa ba, a kuma sanar da malaminsa.

Wata za ta tambaya, kurɓi nawa ne ba ya cutarwa? Masana ba su gano wani adadi da za su ce wannan ba kome ba, shi ya sa shawararsu ita ce a bari gaba ɗaya. Wadda ta sha kaɗan kafin ta san tana da ciki kada hankalinta ya tashi, domin ba kowane tayi ke kamuwa ba. Ta daina daga yau, ta gaya wa ungozoma gaskiya a wurin awo, tun da ko a wata na shida aka bari, ƙwaƙwalwar da ta rage a gina za ta amfana. Amma wadda ta saba sha kullum har hannunta kan yi rawa da safe, kada ta yanke lokaci guda ita kaɗai a gida, domin hakan na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, mai haɗari gare ta da abin da ke cikinta. Ta tafi asibiti a raba ta da ita a ƙarƙashin kulawar likita. Maigida kuma, in zai sayo mata jiƙo a kwalba, ya tambayi mai sayarwa da me aka jiƙa shi, ya kuma shinshina kafin ya biya.