"A Kashe Wuta Kafin Aiki" Ba Fassara Ba Ce, Ganganci Ne

Da ku nake, masu karɓar kwangilar fassara takardun gargaɗi, da 'yan kwangilar gini da ke biyanku ba tare da sun duba abin da kuka rubuta ba. Injiniya ya tsara takarda da Turanci, ya jera matakan raba na'ura da lantarki kafin a sa mata hannu. Ku kuma kun dunƙule ta a layi ɗaya: "A kashe wuta kafin aiki." An buga, an manna a jikin akwatin wuta, kowa ya kama gabansa. Wannan layin zai iya kashe mutum, kuma wanda zai kashe shi ne wanda ya yi masa biyayya.

Ga Bahaushe, kashe wuta shi ne danna makunni. Abin da yake yi wa ƙwan ɗakinsa ke nan kafin ya kwanta. To, makunnin da wani ya kashe, wani na iya kunnawa. Abin da takardar Turancin take nufi ya wuce haka nesa: a yanke na'urar daga duk wata hanyar da wuta ke shigo mata, a kulle wurin yankewar ta yadda ba wanda zai iya mayar da ita, sannan a gwada a tabbatar babu wuta. Kun ɗauki na farko rabi-rabi, kun zubar da sauran.

Wasunku kuma sun buɗe ƙamus sun kwaso "a killace lantarki". Tun annobar korona ta 2020, lebura in ya ji killacewa asibiti yake tunawa. Wayar da ke ɗauke da wuta ta zama "waya mai rai", wayar ƙasa ta zama "duniya". Wa kuke rubuta wa? Har kalmar wuta kanta tana son kula: allon da ya ce "Haɗari, wuta" a kusa da durom ɗin gas, mutum gobara zai hango. A rubuta "wutar lantarki" a kan gaba, sau ɗaya ya isa.

A ɗauki injin kwaɓa siminti mai layi uku, wanda ke cin wuta bolt 400, ko 415 kamar yadda masu gyara suka saba faɗa. Ya tsaya ana tsakiyar zuba kankare. An ɗauke wuta a unguwar, mai gyara ya danna jan maɓallin tsayarwa, ya buɗe akwatin injin ya sa hannu. A ganinsa ya cika umarnin allo har da ƙari: wuta a kashe take, NEPA ma ta ɗauke. Can bayan gini heluma yana faɗa kankare zai bushe, yaron janareta ya tayar da inji ya juya makunnin sauya layi. Jan maɓallin nan mota kawai ya tsayar, wayoyin da ke shigowa akwatin injin suna nan haɗe da layi. Yaron bai yi laifi ba, don ba abin da ya hana hannunsa, ba kuma abin da ya gaya masa akwai mutum a kan layin. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba tana iya rikita bugun zuciya in ta ratsa ƙirji, ga shi mutum yana tsaye cikin ruwan siminti, jiki duk gumi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, takardun nan galibi an kwafo su ne daga ƙasashen da wuta ba ta cika ɗaukewa ba. A wurin aikinmu kuwa layi ɗaya na iya samun wuta daga kamfanin rarraba lantarki, daga janareta, daga inbata da batiranta, har da sola da ke kan rufi tana aiki muddin rana na sama. Mai fassarar da bai taka ƙafa wurin ba, bai tambayi injiniya hanya nawa wuta ke shigowa ba, ba zai san cewa dole allon ya ambaci kowacce da sunanta ba. "An ɗauke wuta" da "an yanke wuta" ba ɗaya ba ne, kuma allon Hausa ya kamata ya faɗi haka ƙarara ko da na Turancin bai faɗa ba, bayan injiniya ya amince.

Ga yadda allon injin nan zai kasance in da an yi aikin tsakani da Allah:

"Haɗari: wutar lantarki. Kada ka buɗe wannan inji sai mai gyaran wuta da aka ba izini ya yi waɗannan. Ya tsayar da injin. Ya yanke wutarsa a babban makunnin da ke akwati mai lamba kaza. Ya sa kwaɗonsa ya kulle makunnin, mabuɗi a aljihunsa. Ya rataya kati mai sunansa da kwanan wata. Ya gwada da na'urar gwaji ya tabbatar babu wuta. Ɗauke wutar NEPA ba kariya ba ce: wannan layin yana samun wuta daga janareta. Ba mai cire kwaɗo sai wanda ya sa shi."

Ku duba, kowace jimla aiki ɗaya ce da hannu zai yi, kuma an faɗi mai yin sa. Hausa tana da "a yi kaza", wanda ke da daɗin baki amma ba ya ɗora nauyi a kan kowa. "A kulle" na nufin wani zai kulle. In mutum uku ne za su shiga aikin, kwaɗo uku ake sawa a maƙalli mai ramuka da yawa, kowa da mabuɗinsa, kuma makunni ba zai motsa ba sai na ƙarshe ya fito ya cire nasa. Wannan ma allon ya faɗa, in wurin ana aiki da haka.

Maganar gwaji ita kuka fi yi wa kisan mummuƙe. Kun rubuta "a duba wuta", kun san kuwa ma'aikaci zai zaro testan nan mai kama da sukuddireba ya dangwala. Wannan testa ba hujja ba ce: ƙwanta na iya mutuwa, hasken rana na iya ɓoye kamawarta, tana iya ƙin kamawa in mai riƙe da ita yana kan busasshen katako. Ana son na'ura mai baki biyu. A fara gwada ta a inda aka san akwai wuta don a ga tana aiki, a gwada layin da aka yanke, sannan a koma a sake gwada ta a wurin farko, don kada ta kasance ta lalace a tsakani. A layi uku gwajin goma ne: uku tsakanin layukan da junansu, uku tsakanin kowane layi da nitiral, uku tsakanin kowane layi da wayar ƙasa, ɗaya tsakanin nitiral da wayar ƙasa. Ba sai allo ya ɗauki goman nan ba, aikin mai gyara ne ya san su. Amma ya ɗauki jimla ɗaya: "Testan sukuddireba ba ta isa shaida ba."

Ku kuma 'yan kwangila, kada ku laɓe bayan mai fassara. Da yawa cikin leburorinku karatun allo suka yi, ajami ya fi musu sauƙi a kan boko, wasu ko ɗaya ba sa karantawa. Ku sa a rubuta da duka biyun, a zana kwaɗo a jikin makunni, heluma ya karanta da babbar murya da safe kafin a fara aiki. Kafin ku biya kuɗin fassara, ku kira birkila ɗaya da yaron janareta, a karanta musu takardar, ku ce: "Malam, nuna mana abin da za ka yi." In ya nufi jan maɓalli ya danna ya juyo yana kallonku, ku mayar wa mai fassara takardarsa, ku haɗa shi da mai gyaran wutar wurin su zauna a gaban akwatin su sake ta.