Jijiya 10 a wuyan hannu

A jarrabawar gane sassan jiki, allura ake kafawa a jikin gawa, a nemi sunan abin da ta nuna da aikinsa kafin a kaɗa ƙararrawa. Ɗalibin da ya tara jijiyoyi duka a babi guda zai sha wuya, domin da kalma ɗaya Hausa ke kiran mai ɗaukar jini, da mai kai saƙo, da mai jan ƙashi.

Gara kowane yanki ya sami shafinsa, a kasa abin da ke ciki bisa aiki. Mashigin wuyan hannu, ta ɓangaren tafi, jijiya 10 ke ratsa shi. Guda 9 na lanƙwasa yatsu, farare ne masu sheƙi. Ta goman ba ta da wannan sheƙi, ita ke ɗauko ji daga babban yatsa har rabin yatsa na huɗu. Layinta daban ya kamata ya zama, da sunayen maƙwabtanta a gefe.