Dillalin Aiki Ba Naka Ba Ne: Ka Faɗa Masa Iyakarka Tun Da Wuri



Da yawa daga cikinmu da muka gama difloma mun taɓa miƙa takardar bayanin kanmu, wato sibi, ga wani mai haɗa ma'aikata da kamfanoni. Daga ranar saƙonni ke fara shigowa. Yau aikin tallan bashi, gobe gadi a Legas, jibi muƙamin manaja mai neman gogewar shekara 8. Babu ko ɗaya da ya dace da abin da muka karanta ko matakin da muke kai. Wasunmu kunya kan sa su amsa kowane saƙo da "na gode, Yallaɓai", wasu kuma haushi kan sa su zazzaga masa rashin mutunci. A ganinmu duka biyun asara ne.

Mu fara da sanin wanda muke hulɗa da shi. Mutumin nan dillali ne, kuma duk wanda ya taɓa shiga kara ya san dillali na kallon inda la'adarsa za ta fito. A wannan sana'a kamfanin da ke neman ma'aikaci ne ke biyansa, yawanci sai an ɗauki mutumin da ya kawo. Ke nan gurbin da ke hannunsa yake nema wa mutum, ba kai yake nema wa aiki ba. Idan an ce ya kawo mutum biyar zuwa Juma'a, yana da uku, sunanka na iya zama cikon benci.

Mu ɗauki misali. A ce matashi ne ɗan Rogo Ruma, yana da ƙaramar difloma ta ND a aikin jarida. Yana rubuta gajerun labarai, yana fassara Turanci zuwa Hausa, burinsa aikin fassara ko gyaran rubutu ko shirya wa rediyo labari. A sibinsa ya rubuta cewa yana jin Hausa, ya iya mu'amala da jama'a, kuma ya taɓa taya wani shago talla na wata uku. Dillali ba ya karanta sibi kamar yadda muke karanta littafi. Kalma yake bugawa a kwamfuta, kamar `Hausa`, `marketing`, `Kano`, sunayen da suka fito ya tura musu saƙo gaba ɗaya. Shi ya sa matashin nan zai yi ta samun aikin yawon talla, domin tallan wata ukun nan ya danne fassarar shekara uku. Kalmar `communication` kuma ita ce ke jawo masa muƙamin manaja.

Yadda za a gane saƙon da bai dace ba abu ne mai sauƙi. A tsallake sunan muƙamin, a duba sharuɗɗa. Idan an ce sai da takardar bautar ƙasa, mai ND ya fita, domin masu HND da digiri ne ke zuwa NYSC. Idan shekarun gogewar da ake nema sun ninka naka, ba naka ba ne. Idan albashin duka kamasho ne bisa yawan abin da ka sayar, to aikin talla ne ko da wane suna aka raɗa masa.

Wani zai ce, mai nema ai ba ya zaɓe, da babu gara ba daɗi. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba ma ganin laifin wanda ya karɓi aikin da ya samu don ya ciyar da gida. Amma karɓar aiki da sani daban, bin kowane saƙo ido rufe daban. Wanda ke zaune a birnin Kano zai hau A Daidaita Sahu ya je ganawa ya dawo. Ɗan Rogo ko Karaye kuwa sai ya yi sammako, ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ya bar gona ko shago wuni guda, wani lokaci har da kwana. Ya yi haka sau uku a kan aikin da tun farko ba za a ba shi ba, jarinsa ya tafi. Akwai kuma asarar da ba a gani. Idan dillali ya tura sibinka wani wuri a matsayin mai neman talla, ran da gurbin fassara ya buɗe a wurin, an riga an san ka da wata fuska.

To me za a yi? Da farko a gyara sibi. Layin farko ya faɗi aikin da ake nema ƙarara, a jera abin da aka fassara ko aka rubuta, a mayar da tallan shago can ƙasa ko a cire shi. Sannan a tura wa dillali saƙo ɗaya a rubuce, ba kiran waya ba, domin magana ta baki iska ce. Ga irin wanda matashin namu zai iya turawa:

"Yallaɓai, barka da aiki. Na gode da tunawa da ni. Aikin da nake nema shi ne fassara tsakanin Turanci da Hausa, ko gyaran rubutu, a matakin farawa. ND gare ni, ba ni da takardar bautar ƙasa. Zan iya aiki a Kano ko Zariya, ko daga gida. Ba na neman talla ko aikin kamasho. Don Allah kada a tura sibina ko'ina sai an tambaye ni. Ga sabon sibin nan."

Babu raini a ciki, kuma an sauƙaƙa masa aiki. Daga nan sai a zuba ido. Dillalin kirki zai rage saƙonni, ko ya ce ba shi da irin wannan gurbi yanzu. Wannan a riƙe shi. Idan wani saƙon ya sake zuwa a karkace, a yi tambaya ɗaya: "Wane abu ne a sibina ya sa ka ga na dace da wannan?" Wani lokaci amsar na buɗe ido, sai ka ga muƙamin da aka kira jami'in wayar da kan jama'a ashe rabinsa rubuta saƙonnin rediyo ne da Hausa. Wanda bai karanta sibin ba kuwa zai yi shiru ko ya kama kame-kame.

Idan an faɗa masa iyaka, ya sake ƙetare ta sau uku, a rabu. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta ba mutum damar janye amincewarsa da neman a goge bayanansa. A rubuta masa haka cikin ladabi, a ajiye hoton saƙon, sannan a toshe lambar idan ya ci gaba.

Abu ɗaya ne ba ya jiran sau uku: kuɗi. Da zarar an ce ka biya na fom, ko na rajista, ko na "riƙe maka gurbi", zance ya ƙare. Yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1997, ta kafa ƙa'idar cewa kamfanonin samar da aiki ba sa karɓar kuɗi a hannun mai neman aiki. A nan gida kuma, dokar ƙwadago ta ce sai da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ake wannan sana'a. Tambayar dillali sunan kamfaninsa da lasisinsa ba rashin kunya ba ne.

Sana'armu zaɓen kalma ce, muna iya kwana muna gyara jimla ɗaya a labari. Kafin mako mai zuwa, kowa ya buɗe sibinsa ya karanta layin farko, ya tambayi kansa: baƙon da ya ga wannan layin kaɗai, wane aiki zai turo mini?

Allah Ya haɗa kowa da rabonsa na alheri.