Sharhi: Kafin a Raba Riba, Wa Ke Bin Kamfani Bashi?

Sharhinmu na yau ya duba nauyin da ke wuyan daraktocin kamfani a ranar da suka zauna yanke shawarar raba riba.

A watan Yunin 2017, kamfanin gine-gine na Carillion da ke Birtaniya ya raba wa masu hannun jarinsa kusan fam miliyan 55. Bayan wata guda, sai ya sanar da giɓin fam miliyan 845 a kwangilolinsa. Ranar 15 ga Janairun 2018 ya durƙushe, ana bin sa kusan fam biliyan 7, alhali abin da ya rage a hannunsa fam miliyan 29 ne kacal.

To, su wa aka bari da jangwam? Ma'aikata dai sun tarar da wagegen giɓi a asusun fanshonsu. Ƙananan 'yan kwangila da masu kawo kaya wajen dubu 30, waɗanda da ma akan ja musu rai har kwana 120 kafin a biya su, yawancinsu sun tashi a tutar babu. Su kuma mutanen Liverpool suka yi shekaru suna jiran asibitin da kamfanin ya bari bai kammala ba.

Ba doka aka rasa ba. Sashe na 172 na dokar kamfanonin Birtaniya ta 2006 ya umarci darakta ya nemi cigaban kamfani domin amfanin masu hannun jari, amma yana mai la'akari da ma'aikata, da abokan ciniki, da al'umma. A Najeriya ma, sashe na 305 na dokar kamfanoni ta 2020 ya ambaci ma'aikata da muhallin garin da kamfani ke aiki. Matsalar ita ce, mai hannun jari ne ke da ƙuri'ar tsige darakta, shi kuwa lebura ba shi da ita.

Saboda haka ma'aunin da ya dace shi ne lafiyar aljihun kamfani. Idan yana biyan albashi da bashi a kan kari, masu hannun jari na da haƙƙin cin ribarsu. Da zarar ya doshi karyewa, dukiyar da ake kasada da ita ta masu bin bashi ce. Kotun Ƙolin Birtaniya ta tabbatar a 2022 cewa a wannan hali wajibi ne daraktoci su yi la'akari da su.

Don haka, kafin darakta ya ɗaga hannu, ya tambaya: ribar nan ta shigo asusu, ko a takarda kawai take? An zuba kuɗin fansho? Kwana nawa masu kawo kaya ke jira? In sai an ci bashi ko an danne haƙƙin wani za a iya raba ribar, to a dakatar da rabon, ko da kuwa farashin hannun jari zai faɗi.

Ƙarshen sharhin ke nan.