Lambar da ta bayyana a *#62# ba lallai ta ɗan leƙen asiri ba ce

Wani ƙanen mahaifina mai sayen hatsi a ƙauyukan Roni da Gwiwa ya same ni a Kazaure ransa a ɓace. Wani yaro a tasha ya danna masa `*#62#` a waya, sai ga wata lamba da bai taɓa gani ba, yaron kuwa ya ce masa wani ne ke sauraron kiransa. Kafin ya iso gare ni har ya yanke hukunci a ransa cewa abokin cinikinsa ne, mutumin da suka shekara goma suna haɗa jari. Da ya sake dannawa a gabana, wayar ta ce `Connection problem or invalid MMI code`, sai ya ce, "Ka gani ko? Sun toshe ta don kada in gane."

Na ce, "Baffa, a yi haƙuri mu bi abin a hankali." Ra'ayina shi ne, kowace irin wannan lamba tambaya guda take yi, amsa guda kuma take kawowa, kuma wanda ya ɗora wa amsar abin da ba ta faɗa ba zai iya ɓata zumunci a banza, ko ya kasa ganin ɓarawon gaske.

Lambobin da muke kira USSD gaba ɗaya ba jinsi ɗaya ba ne. `*#06#` ba ta fita daga cikin waya, lambar jikin wayar kawai take nunawa, shi ya sa take aiki ko babu sabis. `*310#` ita ce USSD ta ainihi: saƙo ne da ke tashi daga waya zuwa turken sadarwa, ya wuce zuwa na'urar kamfani mai riƙe da lissafin kuɗinka, ya dawo da amsa, kuma dole hanyar ta zauna a buɗe har a gama. Tun 2023 hukumar NCC ta daidaita waɗannan lambobi a kan dukkan layukan Najeriya, inda `*310#` ta zama ta duba kuɗi, `*323#` ta duba data, 300 kuma ta kiran ma'aikatan kamfani. Wanda ya saba da `*556#` ta MTN ko `*123#` ta Airtel, idan ya ga ba su ba shi abin da ya saba gani ba, ba wayarsa ce ta lalace ba.

Jinsi na uku shi ne na karkatar da kira. Waɗannan ba wani kamfani ne ya ƙirƙiro su ba, suna cikin ƙa'idar GSM da duniya ke bi, shi ya sa iri ɗaya ne a Kazaure da Damagaram:

```
*#21#
*#61#
*#62#
*#67#
##002#
```

Ta farko tana tambaya ko ana karkatar da duk kiran da ya shigo. Ta biyu, ina kira ke zuwa idan ba ka ɗauka ba. Ta uku, ina yake zuwa idan wayarka a kashe take ko babu sabis. Ta huɗu, idan kana kan wani kiran. Ta ƙarshe ba tambaya ba ce, umarni ne na soke dukkan karkatarwa.

Da wannan muka koma kan wayar Baffa. `*#21#` ta ce `Not forwarded`, wato kiransa na zuwa gare shi kai tsaye. `*#62#` ce kaɗai ta nuna baƙuwar lamba. Sai na ce ya kashe wayar, na kira layinsa da tawa a gabansa. Ba muryar abokin cinikinsa muka ji ba, muryar na'ura ce tana cewa a bar saƙo. Kamfanoni da dama suna saka lambar akwatin saƙon murya a wannan gurbi tun daga farko, ba tare da mai layi ya sani ba. Wannan gwaji bai ci mana minti biyu ba. Kuma ko da karkatarwar ta gaske ce, ba saurare take yi ba: kiran yana barin wayarka ya tafi wata, ba a raba shi biyu wani ya laɓe yana ji.

To me ya sa lambar ta ƙi aiki a karo na biyu? Mafi yawan lokaci dalilin na hanya ne. A layuka da yawa waɗannan saƙonni suna bin tsohuwar hanyar kiran murya ta 2G da 3G, ba hanyar data ba. Wayar da ke kan 4G sai ta sauka ƙasa na ɗan lokaci kafin ta tura lambar, idan kuwa ta sauka ba ta tarar da sabis mai ƙarfi ba, sai saƙon ya mutu a hanya. Shi ya sa mutum zai iya kallon bidiyo lafiya lau amma `*310#` ta ƙi. Alamar hakan ita ce wayar ta daɗe tana juyawa kafin ta kawo kuskure. Maganinsa a matsa zuwa fili, ko a sa wayar a yanayin jirgin sama a cire, ko a mayar da ita 2G na ɗan lokaci. Haka ma ranar kasuwa, idan jama'a suka yi wa turke ɗaya yawa.

Idan kuwa kuskuren ya fito nan take, a fara zargin yatsa: an manta `#` na ƙarshe, ko an tura lambar ta layin da ba shi ake nufi ba a waya mai sim biyu. Mutanen Babura da ke kusa da iyaka suna da ƙarin dalili, domin waya na iya rasa turken gida ta kama na Nijar, a nan kuma lambar kamfaninka ba lallai ta kai gida ba. A duba sunan da ke saman waya kafin a yi zargin kowa.

Mai karatu zai iya cewa, ai tsoron jama'a yana da tushe. Gaskiya ne, kuma ba na raina shi. Mazambaci na iya aron wayarka da sunan zai yi kira, ko ya kira ka ya lallashe ka ka danna lambar da ta fara da `**21*` sai wata lambar waya ta biyo baya. Daga nan kiranka nasa ne, har da kiran da WhatsApp ke yi don karanta lambar tabbatarwa, wanda da shi ake ƙwace asusu a shiga roƙon 'yan uwanka kuɗi da sunanka. Amma alamar wannan daban take: `*#21#` za ta nuna lambar mutum, kuma mutane za su ce suna kiranka wayarka ba ta yi ƙara ba. Wanda ya ga haka ya rubuta lambar a takarda tukuna, sannan ya danna `##002#`, ya sake dubawa, ya kira 300. Jita-jitar tasha tana sa mutane firgita a kan `*#62#`, su manta da wadda ta fi cancantar a duba.

Kamfanonin ma suna da nasu alhakin. Ba abu mai wuya ba ne su sanar da masu layi, da Hausa, wace lamba ce ta akwatin saƙonsu, tunda suna iya turo mana tallan data sau da yawa a yini. Baffa dai ya koma Roni da yamma, kuma abokin cinikin nasa har yau bai san an taɓa zarginsa ba.